Daren da darasina ya yi ɓatan dabo

A Madawa, duk wanda zai yi karatu da waya a watan Afrilu sai ya bari dare ya raba. Da rana zafi kan sa waya ta yi kamar za ta narke a hannu, rezo kuma mutane sun yi masa yawa, kowa na neman farashin albasa. Sai bayan sha biyu gari yake yin shiru, iska ta ɗan sassauto, mega ma ta yi araha. Shi ya sa a daren jarrabawata na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kusa da buhunan albasar Kawu, na dafa shayi mai kauri, na ce yau ni da lissafi sai asuba.

Ni nake riƙe wa Kawu littafin ciniki: buhu nawa aka sayo daga fadamar Tarka, nawa aka loda wa motocin da ke gangarawa Abijan da Akara, wa ya biya, wa ya ce sai mota ta dawo. Ganin littafin yana neman ya fi ƙarfina, sai Kawu ya biya mini kuɗin wata makaranta da ke koyar da lissafin kasuwanci ta intanet, daga wata ƙasa ta bakin teku. Kawu kuwa mutum ne da ba ya kwana da bashi. Ranar da aka buɗe rajista, 15 ga Janairu, ranar ya tura kuɗin, ya kuma ajiye rasit a aljihun gaban riga.

Ina tsakiyar babi na ƙarshe, wajen ƙarfe ɗaya na dare, na danna in wuce shafi na gaba. Sai allon ya yi fari, ya dawo da ni farkon shafi. Sunana na nan a sama, hotona na nan da hular Sallah, amma a ƙarƙashin `Mes cours`, inda darasin yake zaune tun Janairu, wayam. Babu darasi, babu bidiyon malami, babu ƙofar shiga jarrabawar da za a yi da safe.

Na yi salati da ƙarfin da ya tayar da rabin gidan. Inna ce ta fara leƙowa da fitila a hannu.

"Lafiya? Kunama ce?"

"Inna, karatuna ne ya ɓace."

"A kanka ya ɓace ko a waya?"

Na ce a waya. Ta ce to da sauƙi, ta kuma ƙara da cewa dama ta hana ni faɗa wa kowa ranar jarrabawa, don baki ya fi wuƙa kaifi.

Ƙanena, wanda duk gidan ake ɗauka injiniya don ya taɓa gyara wa Kawu rediyo, ya karɓi wayar ya ce rezo ne. Ya kashe ta ya kunna, ya ciro sim ya goga a riga, sannan ya umarce ni in hau kan buhunan albasa in ɗaga hannu sama. Na hau. Buhun sama ya zame, na gangaro tare da albasa kamar ashirin, akuyar Inna ta tsinke igiya. Da na miƙe na duba, rezo cike yake tun farko, har saƙon wani mai neman bashi ya shigo.

A nan ne Kawu ya fito, rasit a hannu kamar wanda za shi gaban alƙali.

"Kai yaro, mi ya faru?"

Na yi masa bayani. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Wato mutanen ga sun ci kuɗina sun rufe shago." Ya ce in kira masa mai makarantar yanzun nan. Na ce Kawu, ƙarfe ɗaya da rabi ne. Ya ce ai shi ma ba barci yake ba.

Ƙanena ya dawo da sabuwar fatawa: an sace mini kalmar sirri, in danna `Mot de passe oublié` a ba ni wata. Saura ƙiris in danna, sai na ce bari dai in fara kai kuka zauren WhatsApp na ƴan ajinmu. Mu uku ne daga wannan yanki: ni, da wani abokina a Keita, da wata malamar firamare a Buza wadda ta girme mu, muna ce mata Yaya. Ita ce ta fara amsawa, don ita ma ba ta yi barci ba.

Yaya ba ta yi mini jaje ba, tambayoyi ta jero. Wasu shafukan suna buɗewa? Na ce suna buɗewa. Ta ce to ba rezo ba ne, don in rezo ne ba abin da zai buɗe, sai dai ka ga ƙadangaren nan da ke fitowa in babu intanet. Ka shiga da sunanka, ya karɓe ka? Na ce ga ni ma a ciki. Ta ce to kada ka taɓa kalmar sirri, lafiyarta lau. Wanda kalmarsa ta ɓaci tun a bakin ƙofa ake tsayar da shi, kuma in ka yi ta gwada ta ƙarya wasu makarantun kulle asusun suke yi na wani lokaci, ka ƙara wa kanka wata wahalar. Daga nan ta turo mini adireshin darasin kai tsaye, ta ce in danna in karanta mata abin da ya fito. Ga abin da ya fito:

```
Vous ne pouvez pas vous inscrire à ce cours.
```

Ta ce, "Shi ke nan. Darasi na nan, kai ne aka cire daga rajista. Yaushe ka biya?"

Da na faɗa mata, sai ta ce in ɗauko takarda, tunda lissafi muke koyo. Kuɗin da muka biya na kwana 90 ne, haka aka rubuta a ƙasan rasit da ƙananan baƙaƙe. Daga 15 ga Janairu zuwa ƙarshen wata kwana 16. A ƙara 28 na Fabrairu, 44. A ƙara 31 na Maris, 75. Saura 15, wato wa'adi ya cika daidai shigowar 15 ga Afrilu. Da farko an sa jarrabawa 8 ga wata, cikin wa'adin kowa. Da malami ya yi tafiya aka ɗaga ta da mako guda, sai aka gyara ranar jarrabawa amma ba a taɓa ranar ƙarewar rajista ba. Na'ura kuwa ba ruwanta da tafiyar malami, kwana take ƙirgawa.

Na ce to me ya sa sai ƙarfe ɗaya? Ta ce don agogon makarantar na bin lokacin GMT, irin na Dakar da Abijan da Wagadugu, mu kuma a Nijar muna gabansu da awa guda. Sha biyun darensu shi ne ƙarfe ɗayanmu.

Ita ma nata ya ɓace, don rana ɗaya muka biya, amma tun a Fabrairu ta sauke duk takardun darasi ta ajiye a katin waya, saboda rezon ƙauyen da take koyarwa ba abin dogaro ba ne. Abin da aka sauke ya zama naka; abin da kake karantawa a shafi kuwa aro ne, ranar da aka ga dama a karɓe.

Sai ga abokina na Keita ya farka. Wannan bawan Allah sai da aka yi ta yi masa tuni kafin ya biya, kwana goma bayanmu, shi ma rabi da rabi. Ya turo hoton allonsa: darasi na nan daram, har da ƙofar jarrabawa tana jiran safiya. Kwanansa 90 ba su cika ba. Da na fassara wa Kawu wannan, sai ya zauna a kan buhu, ya cire hula.

"Wato wanda ya biya da wuri shi aka kora, mai taurin bashi shi aka bari?"

Na ce haka lissafi ya nuna.

"Shekara talatin ina kasuwa," in ji shi, "ban taɓa jin irin wanga ciniki ba."

Abokin nawa, da kyakkyawar niyya, ya ce in karɓi sunansa da kalmarsa in shiga. Yaya ta ce karatu dai zan iya yi da su, amma in na rubuta jarrabawa a can, shi na rubuta wa, kuma in aka gane mu duka biyu za a kora. Sai ya koma ɗaukar mini hoton babin ƙarshe da wata wayar, shafi bayan shafi. A kowane hoto babban yatsansa ya rufe kusurwar dama, daidai inda jimla take. Ita kuwa Yaya ta turo takardunta, suka cinye sauran megata tas, sai da na tayar da mai shagon unguwa na sayi katin dala ɗari biyu, yana ta mita ta taga.

Kafin asuba Yaya ta sa mun rubuta wa ofishin makarantar saƙo guda, gajere: cikakken suna, lambar ɗalibi, hoton rasit, hoton allo mai nuna saƙon da lokacin da ya fito, sai jimla ɗaya da ke cewa rajistarmu ta ƙare kafin sabuwar ranar jarrabawa, a tsawaita mana. Ta ce in ka rubuta "shafi ba ya aiki" kawai, amsar da za ka samu ita ce ka duba rezonka. Kawu ya so a ƙara cewa Allah ya isa, aka lallashe shi.

Ƙarfe takwas na fara kiran ofishin, ba a ɗauka ba, don a can bakwai ne, mai gadi kaɗai ya iso. Kawu na tsaye a kaina, ya hana a loda mota sai an ga ƙarshen magana. Jarrabawa ƙarfe tara ce a agogonsu, goma a namu. Tara da kwata wata mata ta ɗauka, na fara zuba bayani da Faransancin da tsoro ya kakkarya. Ta ce ta ga saƙon, kuma ba mu kaɗai ba ne, duk waɗanda suka biya a ranar farko haka suka kwana. Na ji ƙarar madannai, ta ce in fita in sake shiga. Na fita, na shiga. Ga darasi. Abin da ya hana gidanmu barci, ya tsinka igiyar akuya, kwanan wata guda ne ta canza, bai ɗauke ta minti biyu ba.

Na zauna jarrabawa idanu jawur, jiki na warin albasa. Tambaya ta farko a kan kuɗin da aka biya tun kafin a ci moriyarsa ce, abin da tsarin lissafin OHADA ke ajiyewa a asusu mai lamba 476. A wannan dai ban nemi taimakon kowa ba. Sauran tambayoyin daga babin ƙarshe suka fito, daidai wuraren da yatsa ya rufe, na tsira da 11 bisa 20. Yaya ta samu 16. Mutumin Keita, wanda ya yi barcinsa har da munshari bayan ya gama ɗaukar hoto, ya samu 14.

Da zangon karatu na biyu ya zo, na kai wa Kawu takardar biya. Ya sa tabarau, ya nemi ƙananan baƙaƙen nan na ƙasa ya sa na karanta masa har sau biyu, sannan ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Ka tambayo mini yaron nan na Keita ranar da zai biya," in ji shi. "Mu sai washegari."