Fitilar da na rufe wa baki

Ana shirin babbar Sallah, kuɗin rago bai gama haɗuwa ba, sai fitilar nan mai ruwan ɗorawa mai hoton injin ta kama a dashbod ɗin tsohuwar motata. Na kai ta wurin bakanikena a Ƙofar Ruwa, ya sa mata kwamfuta, ta nuna P0455.

"Alhaji, robar murfin tankinka ce ta tsage, tururin fetur na fita. Tunda fitilar a tsaye take, injin kuma bai canza murya ba, za ta jira ka har bayan Sallah."

Na ji daɗi. Sai dai maiɗakina, duk sanda ta shiga gaba, sai ta yi wa fitilar kallon kishiya. Don a zauna lafiya na yanki baƙin salatef na liƙe wurin.

Ranar da zan je duba rago, ina cikin cunkoson Mandawari, adaidaita gaba, mai kurar ruwa baya, motar ta fara karkarwa. In taka totur, sai ta yi tari ta ƙi ja. Na leƙa dashbod, baƙi ƙirin, lafiya lau. Na ce ai gurɓataccen mai ne, na ci gaba da lallaɓawa har Kabuga, wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai yana bina.

A can na kira bakaniken. Da ya iso, abin da ya fara yi shi ne ɓare salatef ɗin. Ashe baiwar Allah ƙyaftawa take ta yi.

"Haba Alhaji! Mai ƙyaftawa ai ba ta jiran albashi."

Yanzu kwamfuta P0302 ta nuna: silinda ta biyu ba ta cin wuta, kwayil ɗinta ya mutu. Fetur ɗin da bai ƙone ba sai ya gangara salansa, ya tarar da abin tace hayaƙi da bakanikai ke kira indomi, ya kama a can har cikinsa ya narke ya toshe hanya. Fitila ɗaya ce ke kawo ƙarar murfin tanki da ta kwayil, ni kuwa na toshe mata baki.

Yana kwance ƙarƙashin motar ya ƙara mini karatu. Fitilar ABS ita kaɗai, birki na nan, a tafi a hankali a gyara da wuri. In ta haɗu da jar fitilar birki, a faka. Jar butar baƙin mai da jar fitilar zafin injin kuwa, kashe motar ake nan take, ko a tsakiyar Kurmi ne.

Kwayil na gwanjo bai taka kara ya karya ba. Indomin ne ya lamushe ragon, ƙaho da fata. Bana watanda muka shiga, mu bakwai a kan sa guda, kuma da bakaniken a ciki.