Suwaitar da ta koma ta ɗan yaye

Duk wanda ke kwana a Madalla yana aiki a Abuja ya san sanyin asubar Disamba, lokacin da ƙurar hunturu ke rufe Dutsen Zuma har ka rantse an ɗauke shi. Wannan sanyin ne ya kai ni wajen masu gwanjo, na zaɓo suwaita ruwan toka mai kauri. Mai kayan ya zare ɗan zare daga cikin ɗinki ya ƙyasta masa ashana. Sai ƙaurin babbakar kan rago ya tashi, tokar kuma ta murmushe a yatsa. "Ulu ne zalla, Alhaji," in ji shi. "Da zaren roba ne, narkewa zai yi ya dunƙule." Alhajin nan da ya kira ni ya sa ban taya sosai ba.

A gida ƙanena ya karɓe ta da ladabi. "Yaya, kayan gwanjo ba a san jikin da ya sa su ba, bari in kashe ƙwayoyin cutar." Ya tafasa ruwa, ya zuba garin sabulu har da gyara, ya durƙusa yana cuɗa ta da ƙarfin da Allah Ya ba shi. Ya ɗauraye da ruwan randa mai sanyi ƙarara, ya murɗe ta tamau.

Da asuba na zura kai, kai ya ƙi fita. Hannuwana suka maƙale a sama, ina ta lalube a tsakar gida, maiɗakina na tambaya ko ta kira maƙwabta. Da aka ɓare ni, sai ga rigar ta yi tauri, idon saƙar ya shafe gaba ɗaya, tsawonta bai kai cibiya ba.

Na kai ƙara wajen wani dattijo mai wankin hula. Ya juya ta, ya yi dariya har da tari. "Ɗana, ai yaron nan dara ya yi maka." Ya ɗauko jar dara ya miƙo mini. Ashe a Tunis da gangan ake saƙa ta ƙatuwa sakwa-sakwa, sannan a yi ta dukanta cikin ruwa da sabulu har ta tsuke ta zama hula. Ƙanena ya koyi sana'ar Tunisawa a dare ɗaya, ba tare da biza ba.

Dalilin yana jikin gashin tunkiyar. Kowane sili lulluɓe yake da ƙananan ɓawo, wani kan wani kamar jikin kifi, bakinsu duk yana kallon tsinin gashin. Idan ruwa ya shiga, silin ya kumbura, bakin ɓawon ya ɗaga. Zafi yana sa silin ya yi laushi ya riƙa lanƙwasa, sabulu mai kaifi kuma ya ƙara kumburin ya sa santsi. Da an fara cuɗa, kowane sili sai ya zame ta wajen tushensa, in ya zo dawowa ɓawon ya harɗe da na maƙwabcinsa. Kowace cuɗa taku ɗaya ce zuwa ciki, babu ta fita. Shi ya sa babban mai laifi shi ne cuɗar, zafi da sabulu 'yan rakiya ne. Masu rina ulu suna dafa shi a tukunya ya fito lafiya, don a hankali suke ɗaga zafin kuma ba sa motsa shi da yawa.

Na tambayi dattijon ko akwai magani. Ya ce in rigar ta ɗan tsuke ne kawai, kana iya ganin idon saƙa, a jiƙa ta a ja a hankali tana iya dawowa. In idon ya shafe, sai dai a nemi ƙaramin yaro a dangi.

Suwaita ta biyu da kaina na wanke ta. Na duba ɗan ƙyallen wuya, na ga hoton baho da hannu a ciki, wato wankin hannu, kada ruwan ya wuce digiri 40. Na narka shamfu kaɗan, tunda ulu ma gashi ne, na juya bayanta, na jiƙa ta minti goma ina dannawa a hankali. Bilic ban ko kalle shi ba, don cinye ulu yake yi. Ruwan ɗauraya ya zo daidai da na wanki, ba a fita daga zafi a faɗa sanyi. Na naɗe ta a tawul na danne ruwan, saura in shimfiɗa ta a kwance a inuwa.

Nan aka kira ni a waya. Kafin in gama, ƙanena, mai neman wanke laifinsa, ya rataye ta a igiya da jiƙonta, nauyin ruwa ya ja ta ƙasa. Wannan kam tana gyaruwa, a sake jiƙawa a shimfiɗa a tattaro ta da hannu, amma ranar Litinin ɗin da hannun riga har gwiwa na tsaya tarar motar Zuba, kwandasta yana tambaya ko kuɗin mutum biyu zan biya.