Kafin a Sha Lemo, a Faɗi Wa Zai Riƙe Kuɗi

Na san abin da za ku ce, don haka bari in rage muku wahala in faɗa da bakina. Za ku ce rubuta ƙa'idojin aiki a zaman farko na kwamiti bidi'ar 'yan ƙungiyoyin agaji ce, masu zuwa da farar mota da babbar takarda a manna a bango. Alhaji na can kan tabarma yana cewa, “Mu da muka san juna tun kakanni, takardar me?” Allah ya ja da ranka, Alhaji. Amma a tambayi Hajiya a cikin gida: akwai adashin da ta taɓa shiga ba a faɗi nawa ne zubi ba, da ranar zubi, da wadda za ta fara kwasa, da abin da za a yi wa wadda ta kwasa ta daina zubi? Uwar adashi ba ta je taron bita a Kaduna ba, amma ba ta karɓar sisin kowa sai an gama wannan magana. Ku maza ne kuke kafa kwamiti a kan miliyoyi, ku yi addu'a, ku sha lemo, ku watse.

Mu ɗauki abin da ke gabanmu. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai, aka sake buɗe karar dabbobi bayan shekaru tana rufe. Daga nan mutane suka fara komawa gonakin da suka bari, motoci suka ƙaru a hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa. Inda aka fara komawa gida kuwa, aiki ne ke biyowa: rijiya, makaranta, sito, rabon taki. Kowane aiki da kwamitinsa, kuma kwamitin yau ba irin na da ba ne, domin za a zaunar da mutanen da suka yi shekaru ba su haɗa inuwa ba.

To, a ce an ba mutum tara aikin haƙa burtsatse mai sola da kwamin shayar da dabbobi a wani ƙauye na wajen Kuyello ko Randagi. Misali nake yi, kada wani ya tafi neman rijiyar. Akwai injiniya daga Kaduna, da wakilin hakimi, da saurayi mai rubutu, da manoma biyu, da makiyaya biyu da Arɗo ya turo, da mata biyu. Me za su yi a zaman farko?

Malam mai shakka ya ce, “Su zaɓi shugaba mana, in an yi saɓani a ƙirga hannu.” Madalla, Malam, zo mu ƙirga. Mafi rinjaye a cikin tara biyar ne. Injiniya, wakilin hakimi, mai rubutu da manoma biyu, ga biyar ta cika kafin makiyayi ya gyara zaman sandarsa. Ke nan duk ranar da aka zo kan inda za a kafa kwami, ko nawa za a biya kan kowace saniya, an kayar da makiyaya tun ba a zauna ba. Su ma sun iya lissafi. Ba za su yi gardama ba, zama na uku kawai za ku nemi ko ɗaya ku rasa, sai ku fara cewa ai dama ba su son ci gaba. Kwamin kuma a gina shi kusa da gonar wani, inda shanu ba za su isa ba sai sun taka shuka.

Maganin wannan layi biyu ne a takarda, amma sai an rubuta su a ranar farko. Na ɗaya, zama ba ya zama zama sai da mutum shida, kuma a cikinsu lallai akwai makiyayi da manomi da mace. Na biyu, a raba batutuwa gida biyu. Ƙananan abubuwa, kamar wanda za a saya wa siminti a wurinsa, rinjaye ya isa. Manyan guda uku kuwa, wato wurin kafa kwami, da kuɗin ruwa, da wanda zai riƙe makulli, ba sa wucewa sai aƙalla mutum ɗaya daga kowane ɓangare ya yarda da bakinsa. In an zauna sau biyu ba a daidaita ba, a rubuta tun yanzu wa za a kai wa: hakimi da Arɗo tare, ba ɗayansu shi kaɗai ba.

Dalilin da ya sa nake nacewa kan ranar farko shi ne, ranar ce kaɗai ba wanda ya san ko doka za ta ci shi ko za ta ci maƙwabcinsa. Ka ce yau “ba a ba ɗan'uwan ɗan kwamiti kwangila sai ya fita daga ɗakin an yanke”, kowa zai gyaɗa kai. Ka bari sai ƙanen shugaba ya kawo takardar farashin yashi sannan ka faɗa, ka zagi gidansu ke nan, kuma za a kai ƙararka wurin surukinka.

Hajiya kuma na ji ki, kina cewa, “Ku rubuta duk abin da za ku rubuta, mu dai in manya na magana ba ma sa baki.” Gaskiyarki, kuma ita ce ƙa'idar da aka fi mantawa. A wurinmu in babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, yaro ba ya warware shi, mace ma takan ja mayafi ta yi shiru, sai mai rubutu ya rubuta cewa kowa ya amince. Saboda haka a juya layin: ƙarami ya fara, a bi da mata, shugaba ya zama na ƙarshe. Ba raini a ciki tunda shi shugaban ne ya sa hannu a kan haka. Kuma a ajiye cewa shiru ba yarda ba ne, kowa sai an kira shi ya amsa. Ku matan ne za ku ce famfon ya yi nisa da gidaje, ko tsayin dakalin ya fi ƙarfin yarinya mai jarka, abin da injiniya ba zai gani a zanensa ba. In akwai wanda Fillanci ya fi masa sauƙi, a ba shi lokacin da za a fassara masa, kada a yanke yana murmushin ladabi.

Sai kuɗi, inda fara'a ke ƙarewa. “Za mu riƙe amana” ba ƙa'ida ba ce, wa'azi ne, kuma liman ya fi ku iya shi. Ƙa'ida tana da adadi da sunan mutum da abin da zai biyo baya. A misalinmu: abin da bai kai naira 50,000 ba, ma'aji ya kashe ya kawo rasit a zama na gaba, daga nan zuwa 500,000 sai da hannu biyu cikin uku, kuma masu hannun kada su fito daga ɓangare ɗaya, abin da ya haura haka sai cikakken zama. Kuɗin zama da na man babur, a faɗi nawa ne, ko a faɗi cewa babu. Rabin rigimar kwamitoci daga wannan ɗan kuɗin take tashi, ba daga miliyoyin ba, don wani ya ji an ba wani na mai shi ba a ba shi ba.

Ga kuma sashen da takardar kwamitin Abuja ba ta buƙata amma ta Birnin Gwari ba ta cika sai da shi: hanya. Wanda ya zauna tsakanin dajin Kamuku da na Kuyambana ya san sulhu ba ya hana mutum duba gabansa. A rubuta cewa ba a kama hanya bayan la'asar. A rubuta cewa ba a sanar da ranar zuwan injiniya ko ranar ɗauko kuɗi a zauren WhatsApp, mutum biyu kawai za su sani. Mafi muhimmanci, kowane ɗan kwamiti, ko shi ne autansu, yana da ikon cewa yau ba a tafiya, ba tare da an tilasta masa faɗin inda ya ji ba, ba kuma a kira shi matsoraci. Makiyayin da ya ji ƙishin-ƙishin a daji ba zai faɗi majiyarsa a gaban mutum tara ba. In kun matsa masa, gobe shiru zai yi. Sannan ku tuna 2021, lokacin da aka katse layukan waya a wannan yanki kusan wata biyu. Kwamitin da duk tsarinsa ke cikin waya ranar ya mutu. A sa rana tsayayya da wuri tsayayye, a ce Asabar ta farkon kowane wata da hantsi a makarantar firamare, ko an kira ko ba a kira ba.

Wani zai ce ai duk wannan surutun ɗan jarida ne. To ga wata baiwar Allah, Elinor Ostrom, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009 saboda nazarin yadda jama'a ke tafiyar da ruwa da makiyaya da dazuzzukan da suka haɗa su. Cikin abin da ta gano a wuraren da tsari ya daɗe bai rushe ba, akwai cewa masu amfani da abin su ne ke sa hannu wajen yin dokar, kuma hukunci hawa-hawa yake. Wato kada ku ce wanda ya yi fashin zama a kore shi, don ba za ku iya korar wakilin hakimi ba, kun sani, na sani. Ku ce fashi na farko tunatarwa, na biyu tarar naira 1,000, na uku a rubuta wa wanda ya turo shi ya sauya wani. Wannan ana iya zartarwa.

Zan ba ku gaskiyarku a wuri ɗaya, don kada ku ce na cinye gardamar ni kaɗai. Takarda ba ta tare harsashi, ba ta kuma tilasta wa mai ba da kuɗin aiki ya saki kashi na biyu a kan lokaci. In ta wuce shafi ɗaya ma ba mai tunawa da ita. A karanta ta da ƙarfi da Hausa, mai boko ya sa hannu, mai ajami ya rubuta sunansa, mai dangwale ya dangwala, kowane ɓangare ya tafi da kwafi, a kuma sa ranar sake dubawa kafin faɗuwar damina, lokacin da manoma za su ɓace a gona, makiyaya su matsa da shanu.

Gane ko ta kama aiki ba wuya. Ku lura ko bayan an tashi ana sake wani zaman na mutum uku a shagon mai shayi, ko kuma 'yan kwamiti sun fara turo ƙannensu a madadinsu. Sannan ku jira ranar da shugaba da kansa zai yi fashi karo na biyu. Alhaji, kai da ka ce mun san juna tun kakanni, kai muka zaɓa ka karɓo mana dubu ɗayan nan daga hannunsa, kuma ma'aji na jiran rasit.