Mu 'yan Tina Janshin, ba alat muke bi ba, ragowa muke bi

Duk wanda ke saye da sayarwa a Tina Janshin ya san tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya koma cikin waya. Mai dankali, mai tumatir, ɗan keke da ke ɗauko fasinja daga Unguwar Rukuba ko Dutse Uku, kowa da lambar asusunsa, wani OPay, wani Moniepoint, wani PalmPay, wani bankinsa na da. Kuɗi suna shiga suna fita, amma in wata ya ƙare ka tambayi mutum nawa ya samu, sai ya miƙo maka waya ya ce, "Ga alat nan, duba."

To, mu nan abin da muka saba shi ne a kwafo saƙonnin a turo wa wanda ya iya lissafi a gida, yawanci 'yar makaranta ko yaron shagon buga takardu, ya zuba su a littafi ko a kwamfuta. Ana ja layi gida huɗu: kwanan wata, abin da ya shiga, abin da ya fita, sai ragowa, wato balans. Wasu suna haɗa shiga da fita a gida ɗaya su riƙa sa alamar ragi. Ni ban so hakan ba, domin alama ɗaya ta ɓace, bashi ya koma riba. Saƙon dai kusan kamarsa ɗaya ko'ina, ko da kalmomin sun ɗan bambanta:

```
CR Amt: NGN15,000.00
Date: 03/04/2025 10:42
Bal: NGN65,800.00
```

CR kuɗi sun shigo ke nan, DR sun fita. Kwanan watan da za a ɗauka shi ne wanda ke cikin saƙon, ba lokacin da WhatsApp ya nuna an turo shi ba, domin mama tana iya turo saƙon Talata ranar Asabar, kuma a hargitse. Sai an jera su bisa rana da sa'a kafin a fara komai.

Inda ake yawan gardama a bencin unguwa shi ne gidan ragowa. Samari su ce, "Ai alat ya riga ya faɗi balans, kwafe shi kawai." Dattawan da suka riƙe littafin adashi shekara da shekaru su ce a'a, kuma gaskiyarsu. Ragowar da ka kwafa ba ta gaya maka komai. Wadda ka lissafa da hannunka, ka ɗauki ta layin sama, ka ƙara abin da ya shiga, ka cire abin da ya fita, sannan ka gwada ta da wadda saƙo ya kawo, ita ce ke tona asiri. Shi ya sa littafinmu yake da gida na biyar a gefe, na balans ɗin saƙo, don a ajiye su kafaɗa da kafaɗa.

Bari mu ɗauki misalin mai dankali a wata rana cikin Afrilun 2025. Ta wayi gari da naira 42,300. Mai saye ya turo 8,500, lissafi ya ba da 50,800, saƙo ma 50,800. Wani ya turo 15,000, an koma 65,800, duka biyu sun yi daidai. Da rana ta tura wa mai kawo mata kaya 20,000. Lissafi ya ce saura 45,800, saƙo kuwa ya ce 45,723.12. Naira 76.88 sun yi ɓatan dabo.

"Kin ga, 'yata, sata ake mini," in ji mama.

"Mama, ki ɗan dakata, bari mu fasa kuɗin gida biyu."

Naira 50 harajin gwamnati ne kan turin kuɗi na 10,000 zuwa sama, kuma a lokacin mai karɓa ake cire wa, don haka 15,000 ɗin nan ce ta jawo shi. Tun Disambar 2024 kamfanonin kuɗin waya ma suka fara cirarsa, daga Janairun 2026 kuma aka mayar da shi kan mai turawa, saboda haka a duba shekarar saƙo kafin a yanke hukunci. Saura 26.88. Wannan ladan tura kuɗi ne zuwa wani banki: a jadawalin da Babban Bankin Najeriya ya sa a 2020, wanda ake bi a lokacin, naira 10 ce in kuɗin ba su wuce 5,000 ba, 25 har zuwa 50,000, sai 50 in sun haura. Ka ɗora harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, ka sami 10.75, da 26.88, da 53.75. Wanda ya haddace waɗannan uku da hamsin ɗin haraji ya gama da rabin rigimar littafi. Ba kowane kamfani ke cirar ladan a kowane turi ba, kuma sau da yawa ba a aiko saƙonsa daban, sai dai ka gan shi a giɓi. In ka gano shi, ba shi layinsa a gidan fita. Kada ka gyara ragowa a ɓoye don ta daidaita, gobe ba za ka tuna dalili ba.

Da yamma kuma ga saƙo ya ce 12,000 sun shigo. Wanda ke binsa ya ce 3,000 sun shigo, balans 48,723.12. Haɗa 45,723.12 da 3,000, ka ga 48,723.12 cif. Ashe 12,000 ba ta taɓa asusun ba. Mai alat na bogi yana iya tsara suna da adadi da sa'a, amma bai san abin da ke cikin asusunka ba, sai ya yi shaci-faɗi ko ya bar wurin babu komai. Sai dai a nan muna jan kunnen juna: ba a zuwa ƙofar mutum da ihu kan saƙon da aka kwafo. Wani lokaci tsohon saƙo ne aka liƙa sau biyu, wani lokaci kuɗin sun makale a hanya sai gobe su faɗo. A buɗe manhaja ko a nemi cikakken bayanin asusu, a duba lambar shaidar turin, sannan a yi magana. Rubutun da aka kwafo kowa na iya canza masa lamba, ba hujja ba ne.

In giɓin dunƙulallen kuɗi ne, kamar 5,000 ko 2,000, galibi saƙo ɗaya ne bai iso ba ko an manta da shi wajen kwafa. In kuma kuɗi sun fita sun dawo saboda turi bai tafi ba, layi biyu muke rubutawa, fita da dawowa, ba ma sharewa.

Masu aiki da Excel suna da tasu matsalar. In shiga tana gidan B, fita C, ragowa D, wannan ake sawa a layi na uku a ja shi ƙasa:

```
=D2+B3-C3
```

Amma in aka liƙa adadi da NGN a gabansa, kwamfuta rubutu take ɗaukarsa, sai ya manne a hagun gida, lissafin ragowa ya nuna #VALUE!, jimla kuma ta tsallake shi. A cire haruffan tukuna. Kwanan wata ma haka: kwamfutar da aka saita a tsarin Amurka tana karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu, in ka jera sai layuka su watse. Za ka gane da zarar ka ga ranakun da suka haura 12 sun koma hagu, sauran suna dama. A littafin takarda, rubuta sunan wata da haruffa, magana ta ƙare.

Iyayenmu mata da ke turo saƙonni, don Allah ku zaɓi na alat kaɗai. Saƙon da ke ɗauke da lambar sirri ta OTP kada ya bar wayarku, ko da ɗan cikinku ne ke riƙe da littafin. Ku kuma riƙa turowa kowane mako, tun kuna iya tuna wanda ya biya da wanda ya ce zai dawo.