Nawa Suke Biya? Yadda Muke Gano Albashin da Aka Ɓoye

Mu dai a unguwar nan, da zarar tallar aiki ta faɗo a guruf ɗin WhatsApp, kafin a yi sallar la'asar kowa ya tura wa ɗansa da ƙanensa da ɗan maƙwabcinsa. Ana neman akanta a wani kamfanin casar shinkafa a Sharaɗa, ana son mai digiri ko babbar difloma, wanda ya yi shekara biyu ko uku yana aikin. An jera komai, har da lokacin zuwa da na tashi. Wajen albashi kuwa sai a rubuta wai mai tsoka ne, ko wai za a daidaita. Shi ke nan.

Abin da muka saba yi daga nan kowa ya san shi. Yaro zai shiga ganawa bai san komai ba, a tambaye shi nawa yake so, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da aka ba ni Allah ya yi albarka." Mun koya masa kunya da ladabi, kuma ba laifi ba ne. Amma mu ɗin nan, idan za mu sayi ragon layya, sai mun zaga kara, mun taya uku ko huɗu, mun ji inda kasuwa ta tsaya, sannan mu sa hannu a aljihu. Ƙarfin ɗanmu na wata guda ya fi rago daraja, bai kamata a sallama shi ba a san farashinsa ba.

Wasunmu suna tambaya, to amma mutum ɗaya suke tambaya, kuma tambayar da ba ta amsuwa. Ka tare mutum a bakin masallaci ka ce, "Nawa ake ba ka?" Zai ce maka alhamdu lillahi, ana dai maneji. In ma ya faɗa, ko ya rage saboda kada a zo rance, ko ya ƙara saboda a ga girmansa. Wani dattijo a layinmu, wanda ya yi aikin kula da ma'aikata a masaƙa har ya yi ritaya, shi ya gyara mana zama a majalisa. Ya ce, "Ku daina tambayar mutum aljihunsa. Ku ce masa: in kamfaninku zai ɗauki sabon akanta mai shekara biyu a aiki, daga nawa zuwa nawa za a fara ba shi?" Wannan tambayar ba ta taɓa sirrin kowa, saboda haka mutane suna amsa ta da gaskiya, kuma iyaka biyu take ba ka, ƙasa da sama, wanda shi ne abin da kake nema.

Da wannan shawarar aka bi wa ɗan maƙwabcinmu maganar aikin Sharaɗan. Yayansa ya samo amsa daga mutum huɗu. Na farko akanta ne a wani ƙaramin kamfanin shinkafa, ya ce a wajensu daga dubu 150 zuwa 180 ne. Na biyu yana wani kamfanin man gyaɗa da ya fi girma, ya ce dubu 200 zuwa 230. Na uku abokin karatunsa ne da ke aiki da wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje, ya ambaci kuɗin da ya ninka waɗannan. Na huɗu kawunsu ne, ya ce shi da ya yi irin aikin dubu 90 ake ba shi, kuma har yana ajiye wani abu.

Nan majalisa ta rabu. Matasa suka ce a kama maganar mai ƙungiyar agaji, ai akanta akanta ne. Dattijon ya ce a'a. Ƙungiyar agaji da kuɗin waje take biya, aikin kuma na kwantiragi ne, shekara ɗaya ko biyu ya ƙare. Kamfanin shinkafa da ribar buhu yake biya. Sunan aikin ɗaya ne, amma aljihun da kuɗin ke fitowa ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya shiga ofishin manaja a Sharaɗa da wancan adadin zai fito ba a sake kiransa ba. Maganar kawu ma aka ajiye ta, domin ya bar aikin tun kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Daga lokacin zuwa ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Duk adadin da aka ba ka, ka tambaya na wace shekara ne. Sai ya rage amsa biyu masu amfani, kuma tunda kamfanin da ke neman ma'aikacin matsakaici ne, aka tsayar da cewa abin da ya dace yana tsakanin dubu 170 da 220.

Akwai kuma ma'aunin da ba sai ka roƙi kowa ba, yana nan a fili. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira dubu 70 ne tun watan Yulin 2024, duk da cewa dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Alawus ɗin ɗan bautar ƙasa ya koma dubu 77 a 2025. To idan aka ce wa mai digiri da gogewar shekara biyu za a ba shi dubu 80, ya san kusan matsayin ɗan bautar ƙasa aka ajiye shi, kuma yana da hujjar da zai faɗa cikin ladabi. Aikin gwamnati kuwa ko ba a rubuta albashi a talla ba, an rubuta mataki. Mai digiri yana farawa ne a mataki na 8, jadawalin albashin kuma takarda ce da ke hannun duk wani ma'aikacin sashen kuɗi, sai dai ka tabbatar na tarayya ne ko na jiha, kuma na wane fanni, domin na ma'aikatan lafiya daban, na malaman jami'a daban. Yaranmu masu waya kan duba Glassdoor ko Jobberman. Ba laifi a duba, amma yawancin adadin da ke can na Legas da Abuja ne, wani lokacin ma mutum biyu ko uku ne kaɗai suka shigar da nasu. Abin da ya fi amfani a can shi ne ka nemo wasu tallace-tallacen irin aikin, a irin garin, waɗanda su suka rubuta albashinsu.

Inda muka fi yin asara shi ne wajen da ba mu tambaya ko kuɗin da aka ambata na takarda ne ko na hannu. Duk mutanen da yayan ya tambaya kuɗin da ke shiga hannu a ƙarshen wata suka faɗa. Kamfani kuwa idan ya buɗe baki, yawanci jimillar kuɗi kafin a cire komai yake faɗa. Da aka kira yaron ganawa aka ce masa dubu 250, ya dawo gida yana murna, wai an wuce abin da aka yi tsammani. Dattijon ya ce a kawo biro.

Ga yadda lissafin ya tafi. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin ɗari na ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri, kamfani ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. A takardar da aka ba shi waɗannan ukun sun kama dubu 200, saboda haka dubu 16 za su tafi fansho duk wata. Sai haraji. A sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, dubu 800 na farko a shekara ba haraji a kansu, miliyan 2 da dubu 200 da ke biye kuma kashi 15 ne. Albashinsa na shekara miliyan 3 ne. In an cire fansho dubu 192, aka cire dubu 800 ɗin, abin da ya rage miliyan 2 da dubu 8 ne, harajinsa dubu 301 da ɗari 2 a shekara, wato dubu 25 da ɗari 1 a wata. Da yana biyan hayar gida da an ɗan rage masa, amma a gidan mahaifinsa yake. Abin da zai shigo hannunsa kenan dubu 208 da ɗari 9. Yana cikin iyakar da aka tsayar, kusa da sama, amma bai wuce ta ba kamar yadda ya zata.

Wata Hajiya da ke sayar da abinci a ƙofar gidanta ita ta ƙara abin da maza suka manta. Ta ce, "Kai ɗan nan, Asabar fa? Kuma wa zai kai ka?" Ashe kwana shida ake aiki a mako. Daga unguwarmu zuwa Sharaɗa hawa biyu ne a adaidaita sahu, zuwa da dawowa wajen naira 1,500 a rana, kwana 26 ya kama dubu 39. Saura dubu 169 da ɗari 9, ba a ci abincin rana ba. Da wani wurin zai ba shi dubu 190 a hannu da motar ma'aikata, da ya fi wannan dubu 250 ɗin, ko da yake a kunne ba haka yake ba. Haka nan a tambayi asibiti, ko kamfani na da inshorar lafiya, da kuɗin ƙarin lokaci a ƙarshen wata lokacin rufe littafi, domin akanta kan kai dare a ofis a waɗannan kwanakin. A kuma tambaya ko dubu 250 ɗin ta haɗa da kashi 10 na fanshon da kamfani ke zubawa, saboda wasu wuraren suna cusa shi a jimilla don adadin ya yi kauri.

Da yaron ya koma kamfanin, bai ce a ƙara masa don yana da buƙata ba, kowa na da buƙata. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, na bincika irin wannan aikin a kamfanoni irin naku, abin da ke shiga hannu yana tsakanin dubu 170 da 220. Naku ya kama dubu 209, na gode. Abin da ya rage mini shi ne sufuri, tunda har Asabar ake zuwa." Manajan ya ce ba zai taɓa albashin ba, domin akwai wasu a matakin, amma akwai motar da ke ɗauko ma'aikata daga Ƙofar Famfo, za a sa sunansa. Hakan ya cire masa hawa ɗaya safe da yamma. Yaron ya nemi a rubuta masa albashin da abin da za a cire da maganar motar a takardar ɗaukar aiki kafin ya sa hannu, aka rubuta. Ranar Litinin ya fara.