Mu nan Diffa, ranar hutun uwargida ake tsara ban ruwa a kanta

A unguwarmu gidajen da miji da mata ke fita lokaci ɗaya su dawo lokaci ɗaya ba su da yawa. Akwai manoman tattasai da ke kama hanyar bakin Komadugu da an sallame Asuba, akwai malaman asibiti da ungozomomi masu gardin dare, akwai jandarmomi da 'yan sanda, akwai masu aikin man fetur a Agadem da ke yin makonni a can, akwai kuma malaman makaranta da aka tura N'Guelbély can cikin tudun rairayi na ƙasar Maine-Soroa, waɗanda sai ƙarshen wata iyalinsu ke ganinsu. Shi ya sa in mata suka taru ranar zubin adashi, da an gama lissafin kuɗi hira takan gangaro kan abu ɗaya: ke yaushe kike zama da maigidanki?

A zubin da aka yi gidan Gwaggo, wata amarya da ba ta daɗe da kama aiki a ɗakin haihuwa ba ce ta ɗauko zancen. Ta ce ita dai abin ya fara damunta, don mijinta na gari, ita ma tana gari, amma sai su yi kwana biyu ba su haɗa ido ba. Wata ungozoma da ta girme ta a aikin, mijinta kuma manomin tattasai ne kamar na amaryar, ta gyara zama ta ce, "Ƙanwata, kawo hannunki mu ƙirga. Ba rashin so ba ne, lissafi ne bai fita ba."

Ta ce nata jerin aikin kwana huɗu ne yake zagayowa. Rana ta farko aikin wuni, ta fita ƙarfe bakwai da rabi ta dawo dab da Magariba. Rana ta biyu tana gida har La'asar, sannan ta tafi gardi. Rana ta uku ta sauka gardi da hantsi. Rana ta huɗu hutu. Shi kuwa maigida kullum fitarsa ɗaya ce, bayan Asuba, dawowarsa ɗaya ce, Magariba. Ta ce, "To duba. Rana ta biyu ya fita ƙarfe shida na safe. Kafin ya dawo na tafi. Rana ta uku kafin na sauka ya fita. Sai Magariba ta uku za mu ga juna. Daga shida na safe zuwa shida na yammacin gobe awa talatin da shida ke nan, kuma duk kwana huɗu sai an maimaita. In ya ƙara da zuwa fada shan shayi bayan Isha'i, ni kuma barci ya kwashe ni, sai a wayi gari an cike kwana biyu."

Amarya ta ce, "Wallahi Yaya, kamar kina gidanmu. To ya kuka yi?"

Ta ce da farko sun ɗauka ranar sauka gardi ranar zama ce, tunda tana gida. Nan ne faɗa ya fi yawa. Wadda ta kwana tsaye a kan mai naƙuda ba ta da kunnen jin labarin farashin taki, ko an yi mata magana mai daɗi tsawa take ji. Sai suka yanke cewa rana ta uku ta barci ce. Tana dawowa ta yi wanka, ta ci abin da ya samu, ta kwanta har Azahar, wani lokaci har La'asar. Ba a ajiye mata wata magana mai nauyi a wannan ranar, ba zancen kuɗin makarantar yara, ba zancen dangi. Ranar zama ita ce ta huɗu, kuma a kanta maigida ya gyara aikin gona.

Inna, matar wani tsohon manomi, ta karɓe zancen. Ta ce abin da samarin yanzu ba su gane ba shi ne tattasai ba kullum yake shan ruwa ba. Ana raba gona fage-fage, a tada inji a ba wani sashe yau, wani gobe, sashen da ya sha ya huta 'yan kwanaki. Don haka mai gona na iya tara ban ruwa mai yawa a ranar da uwargida ke aikin wuni da ranar gardi, ya wuni a can har rana ta faɗi, tunda ko ya dawo gida da yamma ba wanda zai tarar. Ranar hutunta kuwa ya je da sassafe, ya duba inji, ya zaga ya ga ko tsutsa ta shiga, ya bar wa ƙaninsa ko ɗan ƙodago ragowar, ya dawo kafin Azahar. Ungozoma ta ce haka ɗin suke yi. Su ci abincin rana a kwano ɗaya, yara suna makaranta ko allo, daga Azahar zuwa La'asar gidan nasu ne su biyu. Awa biyu ne ko uku, amma duk kwana huɗu suna nan, kuma kowa ya san da su.

Inna ta ƙara da cewa kada a yaudari yarinya, akwai lokacin da wannan tsari ba ya tafiya. In aka shiga dashe bayan damina ta yi nisa, ko aka shiga tsinka da shanya a lokacin sanyi, gona ba ta sakin mai ita da rana. Haka in ranar hutu ta faɗo Talata, ranar kasuwar Diffa, ga buhunan busasshen tattasai ga masu saye, ba namijin da zai zauna gida. A irin waɗannan makonni sai a koma bayan Isha'i: maigida ya yafe fada a daren aikin wuni da daren hutu, ya je ta a daren gardi, lokacin da ɗakin ba kowa. Abokansa za su yi masa tsiya kwana biyu su saba.

Gwaggo ta tuna mana abin da aka rasa a shekarar 2015. Bayan harin da aka kai Bosso da Diffa a watan Fabrairu aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana fita da dare, aka hana hawa babur. Ta ce kafin nan maza da yawa su ke kai matansu bakin asibiti a kan babur, su kuma ɗauko su, kuma a wannan 'yar tafiyar ake faɗin abin da ba a faɗi a gaban yara. Da aka hana, sai mace ta fita da wuri ita kaɗai don kada dokar ta rutsa da ita a hanya. Wasu mazan ba su bar abin ya tafi haka nan ba, suka koma raka matansu da ƙafa zuwa bakin titi. Har yau akwai wani maƙwabcinmu ɗan kasuwa da ke rufe shago na rabin awa bayan La'asar duk ranar gardin matarsa, ya riƙe mata kwandon abinci, su taka a hankali har inda za ta sami abin hawa, sannan ya koma ya buɗe. Duk unguwa an san lokacin, ba mai tare su da doguwar gaisuwa.

Nan ne namu aikin yake, mu maƙwabta, kuma shi muke alfahari da shi. In muka ga ungozoma ta shigo da hantsi idanunta ja, ba mai aika yaro aron turmi ko garwashi. Wadda ke kusa ta ja ƙananan yaran zuwa gidanta, ta ba su abin kari tare da nata. Ranar hutu kuma, in aka ga takalmin maigida a ƙofar ɗaki da Azahar, mai sallama sai ta juya ta dawo bayan La'asar. Ko barka da suna ne akan ce, "Bari sai gobe mu biya mata, yau maigidan na nan." Ita ma in dare ya yi wa wata da naƙuda, ita ake fara ƙwanƙwasa wa ƙofa, ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Wata mai kishiya ta ce nasu lissafin ya fi wannan wuya, don girki na zagayawa kwana bibbiyu, gardi kuma ba ruwansa da girkin kowa. In ba a kula ba, sai kwanan mai aiki ya riƙa faɗawa daren da take asibiti, ta yi wata ba ta sami rabonta ba, kuma ba wanda ya zalunce ta da gangan. Ta ce su abin da suka yi, da an fitar da jerin gardi na wata, sai su zauna su uku da maigida a daidaita girki a kansa, a yi musaya da yardar kowa a fili. Gwaggo ta ce wannan ba baƙon abu ba ne a addini, tunda Nana Sauda ta bar wa Nana A'isha kwananta da yardarta. Sharaɗin dai a tambayi mai haƙƙi, kada a yanke a bayanta.

Matar malamin da ke N'Guelbély ta ce ita nata ba a ƙirga shi da awa. In ya zo ƙarshen wata, kwana biyu ne ko uku, kuma da can duk a gaisuwar dangi da bin albashi da sayayya suke ƙarewa, ya koma ba su yi maganar kirki ba. Yanzu daren isowarsa da safiyar da ke biye na gida ne, ba ya fita sai Azahar, surukarta ma ta sani ta kuma sa albarka. Sauran kwanakin wata kuwa, tunda waya ba kullum take shiga can ba, sukan ajiye saƙon murya, ya sauka duk lokacin da ya sami layi.

Amarya ta tambaya yadda mutum zai gane abin ya fara lalacewa tun bai yi nisa ba. Ungozoma ta ce alamun ba ɓoyayyu ba ne. In kika ga saƙonku duka ta bakin yara yake bi, "ka ce wa babanka", "ki ce wa mamanki", to an fara. In labarin mijinki a bakin maƙwabciya kika fara jin sa, cewa injinsa ya lalace tun shekaranjiya ko ya sayar da buhu goma, an yi nisa. In kuma duk zaman da kuka samu a lissafin cefane yake farawa ya ƙare, to zaman ya koma na abokan ciniki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, masu kai gulma kuwa irin wannan gidan suke nema.

Don haka ke da ke gardi, da an manna jerin wata ki kwafo shi ki kawo gida, ku zauna da maigida ku sa wa ranakun hutu alama tun kafin gona da kasuwa da biki su cinye su. Kai kuma maigida, tsara ban ruwanka da fadarka a kan wannan takarda, ka bar mata ranar sauka gardi ta yi barcinta. Mu maƙwabta namu shi ne riƙon yara da jinkirta sallama, kuma kada mu gaji da shi.