Hannu Goma Sha Biyu a Wata

Bayan la'asar muna zaune a tsakar gidanmu nan Birni, inda Yaya ta mai da ɗakin ƙofa wurin lalle da gyaran farce, sai Gwaggo ta shigo ta tarar da mu mun duƙa kan takarda. Ta ce, "Ku kuma lissafin adashi kuke?"

Yaya ta ce, "A'a Gwaggo, hotunan wata muke rabawa."

Mu nan haka muke yi tun bara. Da can Yaya in ta gama hannu sai ta ɗauka ta ɗora a Statut na WhatsApp, yau biyar, gobe babu, sati biyu shiru. Wani hoton a kan tabarma, wani a kan cinyar mai hannun, wani da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki, lalle ja ya koma kamar tsatsa. Mai kallo ba ta iya cewa aikin mutum ɗaya ne.

Yanzu ran farko ga wata muna ja wa takarda layi huɗu, kowane sati hoto uku, goma sha biyu ke nan. Litinin ta kula da hannu ce: da hunturu maganar kaushi da faso da man kaɗanya, da zafi maganar farcen da wanki ya cinye. Laraba muna sa kuɗin aiki da lokutan da suka rage, don mata su kama wuri kafin bukukuwan ƙarshen sati, wadda za ta Kasuwar Dole ran Alhamis kuma ta biyo a hanya. Lahadi hannun amarya, in ta yarda. Fuska ba ma sawa, ko da ta ce a sa.

Gwaggo ta ce, "To ina wahalar? Hoto ai hoto ne."

Nan Yaya ta tashi ta ɗauko ƙyallen. Baƙin shuni ne, kamu biyu, ba a yin komai da shi sai wannan. Kowane hannu a kansa ake ɗorawa, a bakin ƙofa, cikin inuwa, da hantsi. Rana tsaka tana ƙone launi, hasken waya kuma yana sa jan farce ƙyalli har zanen ya ɓace. Yatsu a miƙe, ba zobe sai na amarya. Wadda ta saba da shuɗin nan, ko ba ta ga suna ba ta san namu ne. Lalle ja kuwa ba ya nuna kansa ranar da aka wanke shi, sai ya kwana ya yi duhu, don haka maƙwabta mukan roƙe su su leƙo washegari a ɗauka.

Magana ma baki ɗaya ke yinta. Wata rana Auta ta rubuta da Faransanci irin na 'yan jami'ar André Salifou, washegari ni na rubuta da Hausa mai tsawo, sai wata Hajiya daga Zango ta bugo tana tambaya ko an sayar da wurin ne. Tun ranar muka tsai da shawara: layi biyu kawai, a fara da "Salamu alaikum 'yan uwa", a faɗi aikin, a faɗi kuɗin, misali jika biyu. Kuma tunda ba kowa ke karanta boko ba, Yaya da kanta take sa murya ta daƙiƙa ashirin.

Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Jan farcen nan fa? Ruwan alwala ba ya ratsa shi."

Gaskiyarta, kuma mu ba ma ɓoye wannan. Sau ɗaya a wata, ran Litinin, muna faɗa a fili cewa lalle rini ne da ke barin ruwa ya taɓa farce, jan farce kuwa rufi ne, wadda ta sa sai ta goge kafin alwala, maganin gogewar kuma muna ba ta ta tafi da shi. Wannan saƙon ya fi kowanne jawo amsa. A watan azumi ma muna ajiye jan farce gefe, kwana goman ƙarshe su zama na lallen sallah.

Ƙarshen wata ba yawan masu kallo muke ƙirgawa ba, don Statut kwana ɗaya yake yi, kuma wadda ba ku ajiye lambar juna ba ba ta ganinsa. Waɗanda suka rubuto "nawa ne?" su muke sa wa alama a gefen takarda. Watan jiya Laraba ta kwashe alamomin, Lahadi sai yabo, shi ya sa yanzu hoton amarya ma da kuɗinsa yake fita.

Gwaggo ta daɗe tana duban hannunta, sannan ta ce, "Gobe da hantsi ku shimfiɗa mini ƙyallen nan, amma lalle nake so, gaba da baya."